Yadda Mai Sola Zai Kafa Suna A Birnin Kebbi

Da farko ka karbi aiki uku ko da riba kadan ce, amma a inda jama'a ke gani, kamar kemis ko shagon cajin waya. Kafin ka daura komai lissafa lodin gidan a gaban mai shi, in batir ba zai dauki firij ba fada masa gaskiya, don wanda wutarsa ta mutu karfe 2 na dare wallahi unguwa duka sai ta ji.

Bayan sati biyu ka koma ka duba ba tare da an kira ka ba, a nan ne zaka ce "Alhaji in wani ya tambaya a ba shi lambata." Masu wayarin da magina kuwa ka rike su gam, su ke fara shiga sabon gini, in sun hada ka da aiki ka ba su nasu a ranar. Sai kira ya fara zuwa daga wanda baka sani ba sannan ka kara kudin aiki.