Darasi: Yadda tela zai yanke farashin ɗinki

Kafin ka faɗi kuɗi da baki, ɗauki littafinka ka rubuta layi huɗu: yadi, zare, kuɗin aiki, kuɗin kaiwa. Bari mu ce an ba ka ɗinkin riguna 4 na manya masu dogon hannu, kai za ka sayi yadi, kai kuma za ka kai. Lambobin da ke nan na koyo ne kawai, ka musanya su da farashin da ke gabanka.

Fara da yadi, kuma ka duba faɗinsa tun kafin ka tambayi kuɗinsa. Riga irin wannan takan ci kamar yadi 2 da rabi idan faɗin inci 45 ne, amma idan inci 60 ne yadi 2 kan isa. A nan faɗin 45 ne, riguna 4 sun ci yadi 10 ke nan. Ƙara yadi 1 a kai, domin yadin auduga yana shiga idan ya sha ruwa, kuma yadi mai zane yana cin ƙyalle wajen daidaita zanen. Ka kuma lura ko da yadi ake auna maka ko da mita: yadi inci 36 ne, mita kuwa ta ɗan haura inci 39. Yadi 11 a kan 300 kowanne ya kama 3,300.

Layin zare ba zare kaɗai ba ne. Duk ƙananan kayan da za su bi rigar su tafi, a nan ake sa su. Zare guda 2 sun kama 100, maɓalli dozin 3 sun kama 120, abin ƙarfafa wuya da bakin hannu 180. Jimla 400. Ka lissafa zaren gaba ɗayansa ko da ya rage, musamman idan launinsa ba wanda ake yawan nema ba ne.

Kuɗin aiki shi ne inda teloli suka fi cutar kansu, don yadi da zare ana ganinsu, lokaci kuwa ba a ganinsa. Tambayi kanka nawa ya kamata ka samu a yinin aiki ɗaya. Ka haɗa abin da zai riƙe gida da kason ranar na hayar shago, wuta, man keke, allura da ɗan abin ajiyewa saboda ranar da keke zai lalace. Mu ce 1,600 ne, kana aikin awa 8. Awa ɗaya 200 ke nan.

Sai ka ƙirga awannin da gaskiya, ba zaman kan keke kaɗai ba. Awo da yanka awa 1, ɗinki awa 2, ƙofar maɓalli da ɗaura maɓalli da guga awa 1. Riga ɗaya awa 4, riguna 4 awa 16. Awa 16 sau 200 ya ba da 3,200. Wanda bai taɓa auna lokacinsa ba ya duba agogo sa'ad da ya ɗauki almakashi, ya sake dubawa sa'ad da ya ajiye dutsen guga. Da yawa sukan yi mamaki.

Kuɗin kaiwa zuwa da dawowa ne: 150 sau 2, wato 300, da ledojin sa kaya 100. Jimla 400.

Yanzu haɗa su: 3,300 da 400 da 3,200 da 400 sun zama 7,300. Raba huɗu, kowace riga 1,825.

To, idan mai kaya ya taya 6,500 fa? Mai yadi ba zai rage maka ba, haka ma mai mota. Wannan 800 daga kuɗin aikinka kaɗai za ta fita, ya dawo 2,400, awarka ta faɗo daga 200 zuwa 150. Gara ka rage aikin: ya zo ya karɓa da kansa a cire 300, ko a zaɓi yadi mai sauƙi. Kafin alƙalami kuma kada ya gaza 3,700, kuɗin yadi da zare, don kada ka yi sayayya da jarinka. Idan shi ya kawo yadinsa, goge layin farko, farashi ya zama 4,000, amma ka auna yadin a gabansa. Alamar cewa lissafi ya karkace ita ce keke bai huta ba duk wata, amma hayar shago ta gagara.

Aikin gida: sake lissafa wannan ɗinki da yadi mai faɗin inci 60, kowane yadi 380. Kada ka manta da yadi 1 na ƙari. Nawa riga ɗaya za ta kama?