Katin tsarin biki: kurakuran da na gaji da gyarawa

Kusan duk wanda ya kawo mini rubutun katin tsarin biki a karon farko, jadawalin kwamiti yake kawowa. Wato takardar da masu shirya bikin suka zauna suka tsara wa kansu, mai cewa masu ado za su shigo ƙarfe kaza, a gwada lasifika ƙarfe kaza, wane ya yi jawabi na minti bakwai. Takardar tana da amfani, amma ta mai gabatar da shiri ce da mai hoto da masu kula da zaure. Baƙon da aka miƙa wa kati a bakin ƙofa tambayoyinsa kaɗan ne: ina ake so ya kasance, ƙarfe nawa, me zai biyo baya, kuma yaushe za a tashi. Duk layin da bai amsa ɗaya daga cikin waɗannan ba, matsi kawai yake ƙara wa katin.

Illar farko ta kwafo jadawalin kwamiti ita ce lokutan nan na ƙididdigar minti, irin su 4:35, 4:42, 4:50. Da zarar an makara da rabin awa a farko, kowane layi na ƙasa ya zama ƙarya, kuma ƙaryar tana hannun mutum ɗari uku suna dubawa suna kallon agogo. Ba wanda zai lura jawabi ya yi tsawo idan ba ka rubuta masa lokacin ƙarewarsa ba. Illa ta biyu ta fi muni, domin kalmomin kwamiti na 'yan kwamiti ne, su kaɗai suka san abin da suke nufi.

Wani aiki da aka taɓa kawo mini yana da layi 23, kowanne da lokacinsa, aka ce a buga yadda yake. Ɗaurin aure ƙarfe 2:00 ne, liyafa kuma a wani zaure mai tafiyar kamar minti 25 a mota. A tsakiyar jerin akwai layin da ya ce "3:00, isowa zaure". Abin da kwamitin ke nufi shi ne isowar masu tarbar baƙi da masu jera kujeru, domin ba za a buɗe wa jama'a ƙofa ba sai 4:00. Baƙi kuwa suka karanta shi a matsayin umarni. Ana gama ɗaurin aure wajen uku saura kwata suka kama hanya, uku da 'yan mintuna sun isa, suka tarar da ƙofa a kulle. Tsofaffi da masu goyo suka yi kusan awa guda a tsaye, kowa riƙe da kati, sunan shagona kuma yana bayansa da ƙananan haruffa. Ba a zagi kwamiti ba ranar nan, mai kati aka zaga, kuma ayyukan da na rasa daga dangin nan sun fi kuɗin katin nesa ba kusa ba.

Tun daga nan duk layin da aka kawo mini sai na tambaya: wa ake so ya tashi daga inda yake saboda wannan lokacin? In amsar ba baƙo ba ce, layin ya fita. Da haka aka bi, ga abin da 23 ɗin nan za su koma:

2:00 na rana  Ɗaurin aure
2:45  Hotuna (dangin amarya da na ango kaɗai)
4:00 na yamma  Buɗe ƙofar zauren liyafa
4:30  Fara liyafa
  Shigowar ango da amarya
  Jawabin iyaye
  Cin abinci
  Godiya
8:00 na dare  Tashi

Lokuta biyar ne kawai, kuma kowannensu yana motsa mutum. Abubuwan da ke cikin liyafar an jera su bi da bi ba tare da agogo ba, saboda haka ko jawabi ya ja, katin bai yi ƙarya ba. A ƙarƙashin layin 4:00 sai a sa sunan zauren da cikakken adireshinsa da "tafiyar kamar minti 25 a mota". Wanda ba dangi ba ne yana gani ya san yana da sarari fiye da awa guda tsakanin taro biyun, ya san yadda zai yi da shi. Wasu masu sana'ar suna ganin rubuta lokacin tashi kamar korar baƙi ne. Ni ina rubuta shi, don mai jiran direba da wadda ta bar yara a gida su ne suka fi neman wannan layin.

Akwai kuma masu zuwa da dabarar nan ta a rubuta 1:00 alhali 2:00 za a fara, wai don mutane su zo da wuri. Don Allah a daina. Wanda ya mutunta ku ya zo kan lokaci shi kuke hukuntawa, mai makara kuwa ko sha biyu aka rubuta zai makara. In ana so a hanzarta mutane, a ƙara layi na gaskiya: "1:30, zaunar da baƙi".

Abu na biyu da ke ɓata mini rai shi ne salon rubutu. Sabon shiga yana ganin haruffa masu lanƙwasa kamar rubutun alƙalami sai ya rubuta katin gaba ɗaya da su, har da lokuta da adireshi, cikin ruwan zinare a kan takarda mai launin madara. A allon kwamfuta, inda ya zuƙo shi ya cika ido, ya yi kyau. A zaure mai rage haske, a hannun dattijon da ya manta tabaraunsa, ba a bambance 3 da 8. Salon lanƙwasa na sunan ango da amarya ne, wataƙila da kan shafi. Sauran a ba su salo miƙaƙƙe guda ɗaya, baƙi ko wani launi mai duhu. Girman rubutun jerin ba na sauka ƙasa da 11, na fi son 12, adireshi ma ba ya kasa 10. Idan rubutu ya ƙi shiga a wannan girman, rubutun ne ya yi yawa, a rage shi. Ba girman za a taɓa ba.

Matsalar da ta fi cin kuɗi a nan ita ce haruffa masu ƙugiya. Yawancin salon ado ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Idan ka rubuta "ɗaurin aure" da irin wannan salon, manhajar takan aro harafin ɗ daga wani salon daban ba tare da ta faɗa maka ba, sai ka ga harafi ɗaya ya fi sauran kauri ko ya tsaya cak a tsakanin masu kwanciya. Wani lokaci kuma akwati ne fanko zai fito a wurinsa. Mafi haɗari shi ne ya fito daidai a kwamfutarka, ka tura fayil ɗin Word, a buɗe shi a kwamfutar maɗaba'a wadda ba ta da salon, ta musanya shi da wani. Faɗin haruffa ya canza, layuka su goce, lokaci ya koma gaban abin da ba nasa ba. Na taɓa biyan kuɗin sake buga kati gaba ɗaya daga aljihuna saboda akwati biyu da suka zauna a cikin sunan mahaifin amarya, ana saura kwana biyu biki. Ba wanda zai karɓi bayanin "laifin na'ura ne" a kan sunan ubansa.

Yanzu kafin in zaɓi salo, sai na rubuta Ƙ ƙ Ɗ ɗ Ɓ ɓ da lambobi daga 0 zuwa 9 a jere na duba su. Bayan na gama aiki PDF kaɗai nake turawa, wanda salon ke cikinsa. Ana iya tabbatarwa a Adobe Acrobat ta `File > Properties > Fonts`, inda kowane salo ya kamata a ga `Embedded` ko `Embedded Subset` a gabansa. Sannan in buga kwafi guda a ainihin girmansa, ba wanda firinta ta rage don ya shiga takarda ba, in riƙe shi da tsawon hannu a ɗaki mai ƙarancin haske. Sunaye kuwa ba ni nake tabbatar da su ba, ba kuma ango ba, don shi idonsa ya riga ya haddace su. Mutum ɗaya daga kowane ɓangaren dangi zai karanta harafi bayan harafi, har da laƙabi da tsarin wanda aka fara ambata, ya sa hannu a kan kwafin. Ba sa hannu, ba bugu.

Sauran kurakuran gyaransu ba wuya. Kada a jera lokuta da danna sarari sau goma, a yi amfani da `Tab` ko tebur mai shafi biyu marar layi, lokaci a hagu, abin da za a yi a dama. A daidaita rana da kwanan wata da kalanda, domin "Asabar 14" da ta faɗo Lahadi tana fitowa ne daga tsohon katin da aka kwafa aka manta gyarawa. Ƙarfe 12:00 a rubuta mata "na rana" ko "na dare". Kalmomin jerin su bi siga ɗaya: in an fara da "Shigowar ango da amarya", kada layi na gaba ya zama "Yanzu kuma iyaye za su yi mana jawabi". Sunan mai jawabin da bai tabbatar da zuwansa ba kada ya hau kati, matsayinsa ya isa. Doguwar godiya ta koma shafin baya, layi uku.

Wajen girman takarda, A5, wato milimita 148 da 210, tana ɗaukar irin jerin da na nuna a fuska ɗaya cikin walwala. In ana son shafi huɗu, A4 ake naɗewa biyu, kuma a nan sababbi ke rikicewa: a fuskar waje, bangon gaba yana dama ne, na baya yana hagu, jerin shirin kuma ya tafi ciki. Kada wani layi ya ratsa kan naɗin. Launin bango ko hoto ya zarce layin yanka da milimita 3, rubutu kuma ya ja baya daga gefe da aƙalla milimita 5, don wuƙar yanka takan goce kaɗan. Idan takardar mai kauri ce, kamar mai nauyin giram 300, a ce wa maɗaba'a su danna mata layin naɗi da na'ura tukuna, in ba haka ba bayan katin zai tsage, farin takarda ya leƙo ta tsakiyar launin.