Zakkar Kayan Kasuwanci da Yadda Ake Shigar da Ita a Littafin Lissafi

Ɗan kasuwan da ke saye da sayarwa kullum, wanda malaman fiƙihun Malikiyya ke kira mudiri, ba ya jiran sai ya sayar da hajarsa kafin ya fitar mata da zakka. Yana da rana guda a shekara da zai yi wa kayan da ke hannunsa ƙima, ya haɗa da kuɗin da yake da su, ya fitar da abin da ya wajaba. Hukuncinsa ya bambanta da na muhtakiri, wato mai sayen kaya ya ajiye yana jiran kasuwa ta tashi, domin shi a wannan mazhaba sai ya sayar yake fitar da zakkar shekara ɗaya, ko da kayan sun yi shekaru a ajiye. Wannan darasi a kan mudiri yake, kuma zai bi lissafinsa tun daga ƙirga kaya har zuwa ranar da za a rufe shafin zakka a littafi.

Ranar da ake wannan aiki ita ce ranar da shekara ta zagayo wa dukiyar bisa lissafin watannin Musulunci, waɗanda shekararsu kwana 354 ce ko 355. A wannan rana ake duba ko dukiyar ta kai nisabi, wanda shi ne dinari 20 na zinariya, kimanin giram 85, ko dirhami 200 na azurfa, kimanin giram 595. Idan ta kai, abin da ake fitarwa shi ne kashi ɗaya cikin arba'in, wato 2.5 cikin ɗari. Ribar da aka samu a cikin shekara ba ta da wata shekara ta daban, tana bin shekarar uwar kuɗi ce.

Abin da ya fi rikita masu riƙe littafi shi ne ƙimar kaya. A littafin kasuwanci ana rubuta haja da kuɗin da aka saye ta, amma zakka tana duba abin da hajar za ta yi a kasuwa a ranar da shekara ta cika. Ke nan lamba biyu ake da su a kan kaya ɗaya, kuma kowace da aikinta. Ta sari tana nan a littafi ba a taɓa ta, ita kuwa ta kasuwa a wata takarda dabam ake rubuta ta, takardar lissafin zakka, a ajiye ta a matsayin hujja. Wanda ya goge kuɗin sari a littafinsa ya sa ƙimar kasuwa a madadinsa ya rubuta wa kansa ribar da bai ci ba tukuna, kuma lissafin ribarsa na shekarar zai fito ba daidai ba.

Mu ɗauki misalin wani mai sayar da takalma da jakunkuna. Lambobin da za a kawo na koyarwa ne, kuma ana iya karanta su da kowane irin kuɗi. Da ya ƙirga kayansa a ranar zakka, sai ya tarar littafi ya nuna ya saro su a kan 4,000,000. A cikinsu akwai kayan da ke tafiya sosai, waɗanda ya saya 3,700,000, yanzu kuma za su yi 4,450,000. Akwai kuma waɗanda yayinsu ya wuce, ya saye su 300,000, amma yau ba za a ba shi fiye da 150,000 a kansu ba. Bai kamata ya cire waɗannan daga lissafi don sun yi kwantai ba, tun da har yanzu niyyar sayarwa yake da ita a kansu, sai dai ya yi musu ƙimar da ta dace da halin da suke ciki. Jimillar ƙimar kayansa a ranar ta zama 4,600,000.

Kantoci da ma'auni da injin lissafi da motar da yake ɗaukar kaya da ita ba sa shiga, domin kayan aiki ne, ba don sayarwa ya mallake su ba. Haka kuma kayan da wani ya ba shi ya sayar masa a ba shi la'ada, ko da suna cikin ɗakin ajiyarsa, zakkarsu tana kan mai su.

Daga nan sai kuɗi da basussuka. Yana da 900,000 tsakanin na hannu da na banki. Yana bin abokan ciniki 700,000, amma da ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya sai ya ga 200,000 daga ciki suna hannun mutumin da ya karye, babu alamar zai iya biya nan kusa. Bashin da ake sa ran biyansa, wato 500,000, shi yake shiga lissafi. Wancan na 200,000 ana jingine shi har ranar da ya dawo hannu, sannan a mazhabar Malikiyya a fitar masa da zakkar shekara ɗaya, wasu malaman kuwa sun ce sai ta duk shekarun da suka wuce. Idan aka haɗa 4,600,000 da 900,000 da 500,000, an sami 6,000,000.

Shi ma ana bin sa. Dilolin da ke ba shi kaya suna bin sa 1,100,000, sannan akwai albashin ma'aikata na watan da ya ƙare, 100,000, wanda bai biya ba tukuna. Idan aka cire 1,200,000 ɗin nan, saura 4,800,000. A nan akwai ƙa'idar da ya kamata ya tambayi malami a kanta, domin a wurin Malikiyya wanda ya mallaki wata kadara ta rara da za a iya sayarwa a biya bashin, ana ɗora bashin a kan kadarar ne, ba a rage shi daga dukiyar zakka. A misalinmu mun ƙaddara ba shi da irin wannan kadara.

Sai a gwada da nisabi. A ce giram ɗaya na zinariya a ranar 40,000 ne, to giram 85 ya kama 3,400,000, kuma 4,800,000 ya haura wannan. Zakka tana hawa kan duka 4,800,000 ɗin, har da adadin nisabin kansa, kuma idan aka raba shi gida arba'in za a sami 120,000. Da a ce ya yi lissafi da kuɗin sari, da 105,000 zai fitar, ya tauye haƙƙin mabukata da 15,000 ba tare da ya sani ba. Wanda kuma yake rufe littafinsa bisa shekarar miladiyya mai kwana 365, masana lissafin zakka na zamani sun ce ya yi amfani da 2.577 cikin ɗari domin cike kwana goma sha ɗayan da suka ƙaru, wanda a nan zai ba da 123,696.

Yanzu sai shigarwa a littafi. Tun daga ranar da shekara ta cika, wannan 120,000 ta zama bashi a wuyan mai dukiya, ko da ba ta bar aljihunsa ba. Saboda haka a ranar ake rubuta ta, ba a jiran ranar rabawa. Ana buɗe mata shafi na musamman mai suna "Zakkar da ta wajaba", a jera shi tare da basussukan da za a biya nan kusa. A tsarin shigarwa biyu kowane adadi yana zama a wuri biyu, gefen hagu na wani shafi da gefen dama na wani. A nan za a rubuta 120,000 a gefen hagu na shafin "Abin da mai jari ya ɗiba", a kuma rubuta 120,000 a gefen dama na shafin "Zakkar da ta wajaba". Shafin kuɗi bai motsa ba, domin ba a biya kowa ba tukuna. Wanda littafinsa na shiga da fita ne kawai, ya wadatar ya ware shafi ɗaya ya rubuta kwanan wata da adadin, ya riƙa ragewa duk lokacin da ya bayar.

Me ya sa aka kai ta shafin ɗibar mai jari, ba a sa ta cikin kuɗin gudanarwa kamar haya da albashi ba? Dalili shi ne a kasuwancin mutum ɗaya zakka tana kan mutumin ne, ibada ce da yake yi da dukiyarsa, ba ta cikin abin da aka kashe don a samu ciniki. Idan aka cusa ta cikin kuɗin gudanarwa, ribar shekara za ta ragu da 120,000 a takarda, sai a zaci kasuwa ce ta yi ƙasa. Kamfani kuwa hukuncinsa na iya canzawa. Hukumar AAOIFI, wadda ke da mazauni a Bahrain kuma take tsara ƙa'idojin lissafin cibiyoyin kuɗi na Musulunci, ta bi hanyar cewa idan doka ko kundin kafa kamfani ya ɗora wa kamfanin biyan zakka, to ana rubuta ta a matsayin kuɗin da kamfanin ya kashe. Idan kuwa wakilci kawai yake yi wa masu hannun jari, daga rabonsu ake cire ta. A haɗin gwiwar mutum biyu ko uku ma, a shafin kowane abokin tarayya ake rubuta nasa kason.

A ce bayan kwana uku mai takalman nan ya raba 80,000 ga waɗanda suka cancanta cikin jinsi takwas da aka ambata a Suratut Tauba, aya ta 60. Zai rubuta 80,000 a gefen hagu na shafin "Zakkar da ta wajaba", da 80,000 a gefen dama na shafin kuɗi. Shafin zakkar zai nuna saura 40,000. Zakka ba abar jinkirtawa ba ce idan akwai halin biya, don haka wannan ragowa ya kamata ta ɓace cikin ɗan lokaci. Idan har ta kai wata shekarar, ba ta faɗi ba, za a biya ta, kuma a lissafin sabuwar shekara ana cire ta tare da sauran basussuka kafin a raba gida arba'in.

Akwai wata dabara da ke jan hankalin mai riƙe littafi a daidai wannan gaɓa. Yana ganin 40,000 na zakka a gefe ɗaya, ga kuma 200,000 da suka maƙale a hannun wanda ya karye, sai ya ce bari ya yafe masa 40,000 ya ɗauke ta a matsayin zakka, shafi biyu su ragu a lokaci guda. A takarda lissafin zai daidaita, amma mafi yawan malamai ba su yarda da wannan ba, domin zakka bayarwa ce da ke mallaka wa mai karɓa, kuma a nan mai dukiya kansa ya ceta daga asara. Alamar da ake gane wannan kuskure da ita a littafi ita ce a ga shafin zakka ya ragu alhali shafin kuɗi bai ragu ba. Gyaransa shi ne a soke shigarwar, shafin zakka ya koma nuna saura 40,000, a mayar da bashin mutumin 200,000 kamar yadda yake, sannan a fitar da kuɗin a miƙa wa mai haƙƙi, a rubuta kwanan watan da aka bayar. A ranar ne hagu da dama na shafin "Zakkar da ta wajaba" za su tashi 120,000 kowanne, sai a ja layi a rufe shi.