Matakan tace rubutun tallan maganin gargajiya da man shafawa

Da farko, ajiye rubutun tallan kusa da takardar rajistar maganin daga NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya. Duk cutar da ba a amince da ita a takardar ba, goge ta.

Daga nan ka nemo kalmomin alkawari: yana warkarwa, sha yanzu magani yanzu, ba shi da illa ko kaɗan. Nan ne aka fi yin ɓarna. A ce an rubuta cewa garin zogale yana warkar da ciwon suga har abada. Mai ciwon na iya ji a rediyo ya ajiye maganin asibiti, sukarin jininsa ya hau, ƙoda da ido su taɓu. Gyara shi ya koma: "Garin ganyen zogale ne, ana zuba shi a kunu ko miya. Mai ciwon suga ya tuntuɓi likita, kada ya bar maganinsa."

Man shafawa kuma, cire alkawarin haske cikin kwana bakwai. Man da ke sauya launin fata da sauri haka sau da yawa yana ɗauke da sinadarin da ke sirantar da ita.

Shaidar wanda ya ce ya warke ba hujja ba ce, a bar ta.

Sannan miƙa rubutun ga NAFDAC ta amince kafin a watsa shi.