Yadda ake gane manhajar dawo da hirar da aka goge ta damfara ce ko ta leƙen asiri

Kafin ka danna Install a kan wata manhaja da ta ce za ta dawo maka da hirar WhatsApp da ka goge, akwai abu ɗaya da in ka riƙe shi sauran duk za su zo maka da sauƙi. A Android kowace manhaja tana da ɗakinta da tsarin wayar ya kulle mata, wata ba ta shiga ɗakin wata, to saƙonninka na WhatsApp suna cikin ɗakin WhatsApp ne, kuma tun 2016 kamfanin ya sa kullin da daga kai sai wanda kake hira da shi ke iya karanta saƙo, su kansu ba sa ajiye saƙon da ya riga ya isa a sabarsu. Ke nan hirar da aka goge ba ta dawowa sai in akwai bakap, wato kwafin hirar da aka ajiye a gefe, da aka yi kafin a goge ta, shi ke nan fa. Manhajar da ka sauke yau ba ta da hanyar zuwa ta ɗauko abin da ya ɓace jiya, don haka duk abin da ta roƙe ka, ka tambayi kanka me za ta yi da shi tunda aikin da ta yi alkawari ba zai yiwu ba.

Mataki na farko, karanta alkawarin da kyau. In ka ga an ce za a dawo da hirar shekara biyu baya ba tare da bakap ba, ko an ce rubuta lambar waya kawai ka ga hirar mai lambar, rufe shafin. Wannan na biyun ma ya fi muni, don ba abin da lambar waya kaɗai za ta buɗe, kuma su sun san masu neman irin wannan galibi suna cikin zargi ne ko tashin hankali, ba za su tsaya tunani ba. Akwai kuma wata dabara da suke yi, layin nan mai cika a hankali yana nuna wai ana bincike, sai ya ce an gano saƙonni kaza amma an dusashe su sai ka biya ka gani. Gwada shi da kanka, sa lambar da ka ƙirƙira daga kanka wadda ba ta kowa ba, in shi ma ya ce ya gano saƙonni to ka ga wasan kwaikwayo ne kawai.

Na biyu, daga ina ta fito. Linki a Telegram ko a ƙasan wani bidiyo da zai sauke maka fayil mai ƙarewa da .apk, sannan a ce ka kunna Install unknown apps, wannan alama ce babba. In kuma aka ƙara da cewa ka kashe Play Protect wai don kada ya hana ta aiki, ai magana ta ƙare, mai gaskiya ba ya cewa a kori mai gadi kafin ya shigo. Haka nan waɗannan WhatsApp ɗin da aka yi wa kwaskwarima masu alfaharin cewa ba a iya goge saƙo a cikinsu, a 2021 kamfanin Kaspersky ya gano ƙwayar cutar Triada a cikin wani samfurin FMWhatsApp, tana iya karanta SMS ta kuma yi wa mutum rajistar abubuwan biyan kuɗi bai sani ba. Amma kar ka ɗauka kasancewa a Play Store ya wanke manhaja. A 2023 kamfanin ESET ya bayyana wata mai suna iRecorder, ta shiga Play Store lafiya lau tana ɗaukar hoton sikirin, daga baya aka sabunta ta ta koma naɗar sauti da makirufon mutane tana aikawa waje.

Na uku shi ne inda na fi so ka tsaya ka daɗe, wato izinin da take nema. Bari mu bi ta kamar tana gabanka. Ka buɗe ta, ta ce ba ta izinin ganin hotuna da fayiloli, wannan da sauƙi, da shi take leƙa wurin da WhatsApp ke zuba hotuna da muryoyin da ka riga ka sauke, sai ta jero maka su ta ce ta dawo da su, alhali da ma suna nan ba su je ko'ina ba. Sai ta ce kunna Notification access. Anan ne sirrin yawancinsu yake, duk saƙon da ya faɗo a saman wayarka tana kwafe shi ta ajiye, in mai saƙon ya goge daga baya sai ta nuna maka kwafin. To ka lura, wannan ba dawo da tsohon abu ba ne, abin da ya shigo bayan ka saka ta kawai take kamawa, in kana cikin hirar a buɗe lokacin da saƙon ya zo ma ba za ta gani ba tunda babu sanarwar da ta fito. Kuma izinin ba na WhatsApp kaɗai ba ne, sanarwar banki da lambar tabbatarwa da ake turo maka da saƙon imel duk ta nan suke bi. Ko manhajar mai gaskiya ce farashin da kake biya ke nan, balle wadda ba ka san waye ya rubuta ta ba.

Sai ta wuce gaba ta ce je ka Accessibility ka kunna ta. Kar ka yi, wallahi kar ka yi. An yi wannan sashen ne don taimaka wa makafi da masu lalurar hannu, shi ya sa manhajar da ta samu wannan izinin tana iya karanta abin da ke kan sikirin, ta ga abin da kake rubutawa, ta danna maɓalli da kanta kamar yatsanka ne, har ta ba kanta sauran izinin da ka hana ta. Shi ne ƙofar da ɓarayin asusun banki suka fi so. Daga Android 13 in manhajar daga fayil ɗin .apk ta zo wayar da kanta tana toshe wannan wajen, sai ka ga manhajar ta fito da hotuna tana koya maka yadda za ka je ka danna Allow restricted settings. In ka ga wannan darasin, to ana koya maka buɗe wa ɓarawo ne. Haka in ta nemi Device admin apps, wannan don cire ta ya yi maka wuya ne. SMS, jerin lambobin mutanenka, makirufo, kyamara, wurin da kake, babu ɗaya da ke da alaƙa da dawo da hira.

Na huɗu, duk abin da ya shafi lamba. WhatsApp na turo lamba mai alƙaluma 6 ta SMS lokacin yin rajista, in manhaja ko shafi ya ce ka sa ta don a haɗa da asusunka, wani ne can yake ɗora lambarka a wayarsa, kana bayarwa za ka ga an fitar da kai. Ɗaya salon kuma a nuna maka QR a ce ka duba shi ta Linked devices, ko a ba ka lamba mai harufa 8 ka shigar, wannan ya fi ɓoyuwa don ba za a fitar da kai ba, kana hirarka shi ma yana karantawa a kwamfutarsa. Fasawod ɗin Google ko na iCloud kuwa kamar ka miƙa bakap ɗin ne da hotunanka gaba ɗaya.

Batun kuɗi gajere ne. Gwajin kyauta na kwana uku da sai ka sa kati, sannan ya koma cira duk mako, kuma goge manhajar ba ya tsayar da cirar, sai ka shiga Play Store ka je Payments & subscriptions ka soke da hannunka. Wajen sharhin mutane kuma fara da masu tauraro ɗaya, su ne ke faɗin abin da ya faru bayan an biya.

To in ka riga ka saka fa? Kashe data da Wi-Fi tukuna. Shiga Settings ka janye mata Accessibility da Notification access da Device admin apps, sannan ka cire ta, in ta ƙi ciruwa ko tambarinta ya ɓace daga sikirin ka nemo ta a cikin Apps, wani lokacin da suna irin na tsarin waya, ko ka tayar da wayar a Safe mode inda manhajojin da ka sauke ba sa tashi ka cire ta a can. Batir na saurin ƙarewa da data na zuba alama ce amma ba hujja ba, ɗigon nan kore da ke fitowa a saman sikirin daga Android 12 lokacin da ake amfani da makirufo ko kyamara ya fi su faɗin gaskiya in ya fito ba kai ka kunna komai ba. Bayan nan buɗe Linked devices ka fitar da duk na'urar da ba ka gane ba, ka kunna Two-step verification, ka canza fasawod ɗin imel da na banki daga wata wayar daban ba wannan ba. In ka ba ta Accessibility kuma hankalinka bai kwanta ba, kwashe hotunanka ka yi Factory reset, wato ka share komai wayar ta koma kamar sabuwa. Masu iPhone su leƙa VPN & Device Management, in akwai abin da ba su suka sa ba su cire.

Hirar da kake nema kuma, ga inda za ka duba. A WhatsApp shiga Settings, Chats, Chat backup ka ga ranar bakap na ƙarshe, in ya riga gogewar to akwai fata, amma yi sauri don sabon bakap yana hawa kan tsohon a Google Drive ko iCloud. Sai ka cire WhatsApp ka sake saka shi da lambarka ɗin dai ka danna Restore, da sanin cewa saƙonnin da suka shigo bayan ranar bakap ɗin za su tafi. A Android akwai kuma wanda wayar ke yi da kanta cikin dare, na 'yan kwanakin baya, a nan:

```
Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Databases
```

Kwafe fayilolin nan ka ajiye a wani wuri kafin ka cire komai, kuma kar ka tura wa kowa su wai zai buɗe maka. In saƙon da wani ya turo ya goge ne kake son gani, daga Android 11 akwai Notification history a cikin Settings, yana riƙe sanarwar awa 24 da suka wuce in da ma a kunne yake, ba sai ka saka komai ba. SMS na iPhone kuwa daga iOS 16 yana zama a Recently Deleted kamar kwana 30. In duk babu, tambayi wanda kuka yi hirar, in kai kaɗai ka goge a wajenka to nasa kwafin yana nan, sai ya turo maka.