Yadda ake jera sakin layin hanyar bincike daidai da yadda aka yi aikin

Masu ta tambayata kan babi na uku na furojet, ga shi nan. Misalinmu gwajin ganyen darbejiya a kan bakteriya.

1. Ɗauko littafin da ka riƙa rubutu a ciki a lab, kar ka dogara da abin da ka tuna.

2. Raba sakin layin, kowane aiki a layinsa. Jimla mai aiki biyu ka tsaga ta.

3. Rubuta ranar da aka yi kowane aiki a gefensa.

4. Jera su: tsinko ganye, shanya a inuwa, daka, auna giram 50, jiƙa a metanol, tace.

5. Nemo duk "bayan an" da "wanda aka riga aka". A kula, nan ake tafka kuskure! Mutum zai rubuta wai an zuba aga, wato abin da ake rainon bakteriya a kai, a faranti bayan an dafa shi a otokilef, tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, sai zubawa ta zo kafin dafawa a rubuce, mai karatu kuma ya rikice. Dafawa a 121°C minti 15 ce farko, ya huce zuwa kamar 45°C, sannan a zuba.

6. Ayyukan da suka tafi tare, kamar haɗa aga lokacin da ganye ke jiƙe, gama da ganyen tukuna, sai ka buɗe na agan da "ana cikin haka".

7. Karanta daga sama, a kowane layi ka tambayi kanka, kayan nan an riga an shirya su? In faranti ya shiga inkubeta a 37°C ba a shafa bakteriya ba, koma ka gyara.