Yadda ake rubuta takardar farashin aiki ba a bar ƙofar gardama ba

Yawancin sabbin 'yan kwangila da na ga suna kuka da mai aiki, ba a lissafi suka faɗi ba. Jimlar kuɗin daidai take, abin da ba su rubuta a kwateshan, wato takardar farashin, ba ne ya cinye ribar. Suna, kwanan wata da lambar takarda kowa ya san su, ba zan tsaya a kansu ba.

Fara da iyakar aikin, kuma ka sa awo. A ce fenti ne. "Fentin gida" ba bayani ba ne. Rubuta: bangon ciki na ɗaki 4, murabba'in mita 180, shafin farko 1 sannan shafi 2 a kai, da irin fentin, da wanda zai saye shi.

Daga nan sai abin da ba ya cikin farashin, kuma nan ne na taɓa shan wuya. Na karɓi aiki irin wannan, da muka kankare bango sai ga tsaga da filasta mai ruɓewa saboda damshi. Mai gidan ya ce ai gyaran bango cikin fenti yake. Ban rubuta akasin haka ba, to me zan ce? Kwana 3 muka yi muna ciko kyauta. Tun daga lokacin nake ware wa wannan sashe kansa, da manyan haruffa, a shafi ɗaya da jimlar kuɗi: ban da silin, ban da ƙofofi da tagogi, ban da gyaran tsaga da damshi, ban da kwashe kayan ɗaki. Haraji ma ka faɗi ko yana ciki. Wasu na jin kunyar jera waɗannan, wai kada a ce sun cika ƙididdiga. Jera su. Sannan ka rufe da layi ɗaya: "Duk aikin da ba a ambata a sama ba, sai an amince da farashinsa a rubuce kafin a taɓa shi." In kana so ka gwada, miƙa takardar ga wanda bai ga wurin ba, ka tambaye shi ko silin na ciki. Ya yi jim, to da sauran gyara.

Wa'adin farashi kuwa, kada ka tsaya a "kwana 14", domin za a yi musu kan ranar da aka fara ƙirge. Sa ranar ƙarewa: "Wannan farashi ya ƙare ranar 15 ga Maris." Ni ba na wuce mako 2 in ni zan sayi kaya, saboda kuɗinsu na motsi.

Biya, ka ɗaure kowane kaso da abin da ido ke gani: kashi 50 cikin 100 kafin a fara, 30 bayan shafin farko, sauran 20 cikin kwana 7 da miƙa aiki. "Bayan an gamsu" kada ta shiga takardarka. Sa lambar asusu, ka bar wurin sa hannun mai aikin, kuma kada ka sayi ko buroshi sai ya sa.